Kwana Goman da Na Kasa Roƙa

Yayana ne sakataren ƙungiyar manoman reshenmu na kanal, tsakanin Kura da Bunkure, shekara da shekaru. Da ya rasu ba wanda ya zauna ya zaɓe ni. Ranar sadakar bakwai matarsa ta aiko mini da wayarsa a cikin leda, har da cajarta. Shugaban ƙungiya kuma ya ce a gaban mutane, "Kai ka yi sakandare. Riƙe mana kafin mu ga yadda Allah zai yi." Na ce to. A irin wannan rana mutum ba ya cewa a'a.

Gonakinmu su ne na ƙarshen reshen. Ruwa sai ya bi ta kan kowa kafin ya iso gare mu, shi ya sa kullum mu ne na baya a dashe. A wannan shekarar shinkafar na sama ta riga ta sunkuyar da kai, tamu kuwa tana ɗaukar ciki. Sai sanarwa ta zo cewa kamfanin da aka ba gyaran kanal zai rufe ƙofar reshenmu nan da mako uku, a yashe shi, a liƙe inda siminti ya tsage. Duk wanda ya taɓa noman rani ya san abin da wannan ke nufi. Shinkafa tana jure ƙishi a wasu lokuta, amma in ta rasa ruwa tana fitar da kai, ƙaiƙayi za ka girbe.

Shugaba ya kira injiniyan kamfanin a waya, ina tsaye a gefensa. Injiniyan bai ƙi ba. Ya ce shi ba shi da ikon ɗage rana da kansa, kuma maganar baki ba ta shiga fayil. A rubuto masa ta imel kamar yadda marigayi ya saba, ya tura wa na sama da shi. Da Hausa ma ya isa, in ji shi, shi zai juya musu. Mu goma sha ɗaya ne abin ya shafa, kuma kwana goma muke buƙata a ƙara mana. Shugaba ya kashe wayar ya dube ni.

"Ka ji dai, Malam. Kwana goma. Rubuta ka tura."

Na fara a ranar, bayan azahar, a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidana. Akwatin imel ɗin ƙungiya a buɗe yake a wayar Yaya. Na yi sallama, na gaida injiniya, na gaida iyalinsa da abokan aikinsa, na tambayi gajiya da zafin rana. Sannan na ga ya kamata in gaya masa dalilin da ya sa ni ke rubutu ba Yaya ba. Daga nan hannuna bai tsaya ba. Na rubuta yadda ciwon ya fara. Na rubuta shekarar da Yaya ya tara mutane suka cire ciyawar kachalla daga kanal da hannu, ruwa har ƙirji, ya fito da matsattsaku manne a ƙafa yana dariya. Na rubuta rigimar rabon ruwa da ya sasanta tsakaninmu da na sama. Da aka kira la'asar na ajiye, wayar ta adana shi cikin saƙonnin da ba a tura ba.

Washegari na buɗe don in gama, na ƙara. Jibi ma haka. Kullum in na zo inda zan ce ga abin da muke so, sai in ji kamar ban gama shimfiɗa ba. Mu a nan ba a shiga gidan mutum a fara da roƙo. Ana gaisawa, a zauna, a yi zancen damina da rani, sai mai gida da kansa ya ce, "Lafiya dai ko?" To injiniya ba ya gabana balle ya tambaye ni. Kuma ina jin nauyin a ce ɗan'uwana bai yi arba'in a ƙasa ba, ni ina neman alfarma da sunansa. Saƙon ya yi ta tsawo har sai na ja yatsa sau takwas ko tara kafin in kai ƙarshensa.

Shugaba kan tare ni a bakin masallaci. Kwana uku na farko na ce ana kai. Rana ta huɗu ya ce, "Malam, an tura kuwa?" Mutane na saka takalma, wani dattijo mai gona ta can ƙarshe, wanda muke kira Baba, ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu yana jiran amsata. Na ce, "An tura." Baba ya ce, "Madalla. Jinin marigayi ne ai." Ya saka takalminsa ya tafi.

Bayan wannan ƙaryar tura saƙon ya ƙara yi mini wuya, don kwanan watan zai fito a jikinsa. Na koma yin sallah a masallacin bakin titi. Haka kwanaki suka tafi har ya rage kwana biyar a rufe ruwa.

Matar Yaya tana takaba, ba ta fita. Tun tana amarya nake tsokanarta da Amarya, har ta aurar da 'ya ban daina ba, ita kuma tana ce mini Malam Ƙarami. Tun rasuwar ban sake kiranta da sunan ba. Ranar Laraba da hantsi na kai mata albasa. Na same ta a tsakar gida kan tabarma, tana tsince tsakuwa daga shinkafa a faifai. Tukwanen da take turara shinkafa a kife suke a gefe. Muka gaisa. Ba ta ɗago ba ta ce,

"Injiniya ya amsa?"

"Tukuna."

"Ba halinsa ba ne. Yayanka in ya tura da safe, kafin magariba an amsa masa. Karanta mini abin da ka tura."

Na ce yana da tsawo. Ta ce ita ba inda za ta. Na zauna a kan turmi, na fito da wayar. Ta miƙo hannu, na ba ta, don wayar mijinta ce. Ta yi firamare, kuma ta san wayar fiye da ni. Ta duba, ta daɗe tana dubawa, sannan ta miƙo mini.

"Wannan ai yana cikin waɗanda ba a tura ba."

Na karɓi wayar na kife ta a cinyata.

"Malam Ƙarami."

"Na'am."

"Shugaba ya sani?"

"A'a."

Ta ja faifanta ta ci gaba da tsinta. "To karanta."

Na karanta. Gaisuwar kaɗai ta ɗauki lokaci. Da na zo kan kachalla da matsattsaku ta yi ɗan murmushi. Sai na iso wani wuri da na manta na rubuta, ko kuma na sa kaina na manta. Ranar da ciwon ya tsananta, Yaya ya kira ni in zo in kai shi asibiti a babur. Ranar layin ruwana ce, na riga na jera tiyo a bakin kanal. Na ce masa bari in gama ba wannan fangali ruwa. Fangali ɗaya ya zama huɗu. Sai bayan awa biyu na zo. Duk wannan na rubuta wa injiniya, mutumin da sau biyu na taɓa ganinsa, har da cewa Allah ya sani ban san ciwon ya kai haka ba. Na so in tsallake, amma na riga na fara jimlar, kuma ta daina tsintar tana saurare. Na karanta har ƙarshe.

Wata kaza ta zo bakin faifan, ta kore ta da bayan hannu.

"Injiniya ba shi da maganin wannan," ta ce. "Ruwa yake da shi. Ci gaba."

Na ci gaba har na kai addu'ar rufewa. Ta ce, "Ka gama?" Na ce na gama. Ta ce saƙon Yaya bai taɓa wuce sakin layi uku ba. Duk wanda zai tura sai ya karanta mata tukuna, tana gaban murhu. Ya kan ce injiniya a tsaye yake karatu, a bakin kanal, rana na dukan gilashin wayar, direbobi na kiransa. Abin da bai gani ba a shafin farko, ba zai gan shi ba.

"Mai da shi uku," ta ce. "Amma kada ka goge wannan. Kwafe shi ka ajiye a wani wuri tukuna."

Na kwafe dogon na ajiye a wurin rubutun wayar, na koma kan saƙon na fara yanka. Na yi kusan rabin awa. Na rage gaisuwa ta koma layi uku. Na tattara rasuwar Yaya da hidimarsa a sakin layi na biyu, na cire maganar babur da tiyo. Na uku na bar godiya da addu'a. Da na duba sai na ga ya yi kyau, ya shiga shafi ɗaya, har na ji wani sauƙi. Na karanta mata.

"Allah ya jiƙansa," ta ce. "Amin. Abin da injiniya zai ce ke nan, ya mayar da waya aljihu. To ruwan fa?"

Na duba. Babu ruwa a ciki, babu kwana goma, babu ƙofar reshe. Na yi takardar ta'aziyya mai sakin layi uku. Na ce mata wataƙila a garin yanka na cire.

"Nemo shi a cikin dogon. Nuna mini inda ka roƙa."

Na koma dogon ina ja da yatsa. Na wuce sau biyu ban gan shi ba. A karo na uku na same shi can wajen tsakiya, tsakanin labarin rigimar rabon ruwa da labarin asibiti. Jimla ɗaya ce. Na karanta mata: "Muna fata za a dube mu da idon rahama game da halin da shinkafarmu take ciki."

"Idon rahama kwana nawa ne?"

Duk da halin da nake ciki sai da na yi 'yar dariya. Ita ba ta yi ba.

"Da gaske nake. In ya kai wa manyansa wannan, me zai ce musu? Su ƙara kwana biyu? Su aiko da taki? Mako biyu kana rubutu, Malam Ƙarami, ba ka roƙi komai ba."

Gaskiya ta faɗa, kuma wannan ya fi ƙaryar da na yi wa shugaba yi mini ciwo. Na ɗauka saƙon ya yi tsawo ne kawai, in an rage shi shi ke nan. Ashe abin da aka aike ni in faɗa ba ya ciki tun farko. Na cika shi da Yaya da kaina.

Ta ce in buɗe waɗanda Yaya ya tura a baya in gani. Ban taɓa buɗe wurin ba, ina jin kamar leƙa aljihunsa ne. Na buɗe ɗaya, na shekarar da ƙofar reshe ta maƙale. A kan saƙon, wurin da ake sa take, ya rubuta abin da yake so da lambar ƙofar. Ni nawa na rubuta "Gaisuwa da fatan alheri". Gaisuwarsa layi ɗaya ce. Roƙon yana layi na biyu. Mutumin da in ya tsaya gaisawa da kai a hanya sai ka sauke kayanka, a nan layi ɗaya ya ishe shi.

"Goge duka," ta ce. "Fara da abin da kake so. Rubuta shi shi kaɗai, kamar Baba ne ya tare ka a hanya ya ce me ka roƙar mana."

Na rubuta: Muna roƙon a ɗage rufe ƙofar reshenmu da kwana goma. Na tsaya ina kallonsa. Ya yi mini tsirara, kamar na shiga zauren mutum ba sallama. Na ce mata haka.

"Sa sallamar a sama. Ɗaya. Ba ta hana shi zama mutumin kirki ba, kai ma ba za ta hana ka ba. Daga yaushe zuwa yaushe?"

Na sa ranar da aka sanar da ranar da muke so, da kwanan wata, don ta ce "Litinin" kaɗai ba ta isa ba in saƙon ya kwana a hannun wani. Na sa lambar ƙofar. Sannan ta ce dalili, amma dalilin shinkafa, ba nawa ba. Daga cikin dogon nan gaba ɗaya abu biyu kawai suka tsira: cewa mu ne na ƙarshen reshe, da cewa shinkafar tana fitar da kai. Sunayen mutum goma sha ɗaya na so in jera a ciki, ta ce zai koma dogo. Suna cikin littafin Yaya da rubutun hannunsa. Ta shiga ɗaki ta ɗauko, na ɗauki hoton shafin na liƙa a saƙon.

A kan Yaya muka ɗan ja. Na ce ba zai yiwu a ce ba a faɗi hidimarsa ba. Ta ce injiniya ya san hidimarsa fiye da yadda zan rubuta. Abin da bai sani ba shi ne wane ne ni, da wa zai kira. Layi ɗaya ta bar mini.

Ga abin da ya rage, ban da lambobi da sunana:

"Assalamu alaikum, Injiniya. A madadin manoma goma sha ɗaya na ƙarshen reshenmu, muna roƙon a ɗage rufe ƙofar reshen da kwana goma, daga Litinin ɗin da aka sanar zuwa Alhamis ta makon da ke biye.

"Dalili shi ne ruwa yana iso mana a makare, don haka mun yi dashe bayan kowa. Shinkafarmu yanzu take fitar da kai. In aka rufe a ranar da aka sa, ba za ta cika ba. Sunayenmu da gonakinmu suna cikin hoton da na haɗo.

"Ni ƙanin marigayi sakatare ne, ni ke riƙe da aikinsa yanzu. Muna roƙon amsa kafin Asabar don mu sanar da mutane, kuma ana samuna a wannan lambar. Mun gode."

Na karanta mata da ƙarfi. Ta sa na sake. Sannan ta ce, "Rufe wayar. Me aka roƙa?" Na ce kwana goma. "Wa ya roƙa? Don me? Yaushe ake son amsa?" Na amsa duka ba tare da na duba ba. Na gyara taken ya koma roƙon ɗage rufe ƙofa da kwana goma, da lambar ƙofar.

"Tura."

Na ce bari in je gida in sake dubawa da kyau.

"A nan za ka tura. Ina kallo."

Na danna. Ta karɓi wayar ta duba cikin waɗanda aka tura, ta ga yana nan, ta mayar mini. Da na tashi tafiya ta ce, "Dogon nan, in ka samu wanda zai buga shi a takarda a Kura, ka kawo mini. Har da wurin babur ɗin. Kada ka cire." Ban tambaye ta dalili ba, ba ta kuma faɗa ba.

Amsa ta zo washegari kafin azahar. Ita ma gajera ce. Injiniya ya ce ya tura wa manyansa a daren jiya, sun yarda da kwana biyar. Ya ce da saƙon ya zo makon da ya wuce da an ba da goman, amma yanzu an riga an tsara zuwan motar yashe da ma'aikata, ba za a iya riƙe su fiye da haka ba. A layin ƙarshe ya yi mini ta'aziyya, ya ce marigayi mutum ne mai sauƙin aiki.

Na je gidan shugaba da wayar. Zan iya karanta masa kwana biyar ɗin in tsaya, don ba ya karatun boko. Na karanta duka, har da maganar makon da ya wuce. Ya ce, "Wane mako? Ba ka ce an tura ba?" Na ce ƙarya na yi, jiya na tura. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Kai za ka gaya musu, ba ni ba." Bayan sallar Juma'a na tsaya a ƙofar masallacinmu na gaya musu. Wani ya ce da sun sani da sun kai wa mai shagon kwamfuta ya rubuta. Wani ya ce a bar maganar, mutum na cikin rashi. Wannan ta biyun ta fi yi mini nauyi.

Kwana biyar ɗin sun ishi yawancinmu, har da ni. Muka cika fangalai a ranar ƙarshe, laimar ta riƙe shinkafar ta ƙarasa. Gonaki biyu na can ƙarshe ba su kai ba, ɗaya ta Baba ce. Na kai injin ban ruwana muka ja daga magudanar da ruwan gonaki ke zubewa, kwana uku, har ita ma ta ƙafe. Ranar girbin Baba na je na taya shi. Ya kama zangarniya ya murza a tafin hannu, ya hura. Fiye da rabi ya tashi. Ya kakkaɓe hannunsa a riga ya ce, "Kama can gefen, Malam, rana na yi."

Har yanzu ni ke riƙe da wayar, don ba a zaɓi wani ba. Na tura saƙonni da yawa tun daga lokacin. Roƙon nake fara rubutawa, shi kaɗai, kafin sallama ma, sannan in koma in sa sallamar a sama. Dogon kuwa na buga shi a Kura, ya ci takarda huɗu. Na kai mata ranar da ta fita takaba. Ta ninke ta sa a cikin littafin Yaya, ba ta buɗe a gabana ba.